Kundin aikin koyar da alamomin kii: jerin shaf da filat

6 ga Janairu, 2024

Aikin da na sa a gaba shi ne shirya ƙaramin littafin darasi da Hausa domin matasan da ke kaɗa kibod wa ƙungiyar mawaƙanmu. Dukansu sun iya karanta sol-fa, wato do, re, mi, fa, so, la, ti, kuma kunnensu yana da kyau ƙwarai, amma idan aka ba su waƙar da aka rubuta a kan layuka biyar sai su tsaya cak a kan alamomin da ke jere a farkon layi, tun kafin su kai ga sauti na farko. Waɗannan alamomi na shaf (♯), mai ɗaga sauti, da filat (♭), mai sauke shi, su ne ke faɗa wa makaɗi kii ɗin waƙar, wato sautin da zai zama do ɗinta, kuma mafi yawan masu koyo suna ƙoƙarin haddace su ne kamar jadawalin da ba shi da dalili. Niyyata ita ce littafin ya nuna cewa jerin duka yana fitowa ne daga doka guda ɗaya, wadda mai sol-fa ya riga ya san ta da kunnensa ko da bai taɓa jin an bayyana ta ba.

Yau na rubuta shafin farko, wanda ya tsaya a kan wannan doka kaɗai. Tazara mafi ƙanƙanta a kan kibod ita ce rabin taki, daga maɓalli zuwa wanda ke manne da shi, fari ne ko baƙi. Rabin taki biyu su ne cikakken taki. A sikel ɗin mejo, wato jerin sauti daga do zuwa do na sama, tsakanin kowane sauti da na gaba da shi akwai cikakken taki, sai a wurare biyu kawai, wato daga mi zuwa fa, da kuma daga ti zuwa do, inda rabin taki ne. Idan aka fara daga C, fararen maɓallai suna ba da wannan tsari da kansu, domin babu baƙin maɓalli tsakanin E da F, haka kuma tsakanin B da C. Shi ya sa C mejo ba ya ɗauke da alama ko ɗaya. Duk wani kii na dabam yana buƙatar gyara don wuraren rabin takin nan biyu su faɗo inda ya kamata, kuma wannan gyaran ne ake rubutawa a farkon layi.

13 ga Janairu, 2024

Darasin yau shi ne zuciyar littafin, don haka na ba shi lokaci sosai, kuma zan rubuta shi nan dalla-dalla kamar yadda zai shiga shafi na biyu da na uku.

Na sa ɗaliban su raba sikel ɗin C gida biyu. Rabin ƙasa shi ne C D E F, rabin sama kuma G A B C. Sai na ce su auna tazarar da ke cikin kowane rabi. Do re mi fa ya ba da cikakken taki, cikakken taki, rabin taki. So la ti do ma ya ba da hakan daidai, ba bambanci. Tun da siffarsu ɗaya ce, rabin sama na kowane kii yana iya zama rabin ƙasa na wani sabon kii ba tare da an taɓa komai a cikinsa ba. G A B C, wanda a da yake so la ti do, ya zama do re mi fa na G. Abin da ya rage shi ne a gina masa sabon rabin sama, kuma haruffan da ke biye su ne D E F G. A nan ne matsala ta bayyana, domin daga E zuwa F rabin taki ne alhali la zuwa ti yana son cikakke, daga F zuwa G kuma cikakke ne alhali ti zuwa do yana son rabi. Ɗaga F da rabin taki ya warware duka biyun lokaci guda, sai aka sami G A B C D E F♯ G. Na sa an kaɗa sikel ɗin da F fari tukuna, kuma tun kafin in yi magana fuskokinsu suka nuna cewa sautin bai zauna ba. Wannan shaida ta kunne ta fi duk wani bayanin da zan yi ƙarfi, saboda haka na sa ta a littafin a matsayin aikin da dole a yi kafin a juya shafi.

Daga nan muka maimaita aikin. Rabin sama na G shi ne D E F♯ G, ya zama ƙasan D, kuma F♯ ya biyo shi domin yana cikin rabin da aka ɗauko. Sabon rabin sama A B C D ne, kuma C ya zama dole a ɗaga shi, sai D mejo ya sami shaf biyu, F♯ da C♯. Daga D aka ɗauko A B C♯ D, aka ɗora E F♯ G A, aka ɗaga G, sai A mejo ya sami uku. Abubuwa biyu ne nake son mai karatu ya riƙe a nan. Na ɗaya, tsohon shaf ba ya taɓa fita, sabo ne kawai ake ƙarawa a kansa, shi ya sa babu kii na mejo da ke da C♯ ba tare da F♯ ba. Na biyu, sabon shaf koyaushe shi ne ti na sabon kii, kuma shi ne sautin da yake fa a tsohon kii. Mai sol-fa ya san wannan sauti da sunan fe, yana kuwa rera shi duk lokacin da waƙa ta karkata zuwa so na ɗan lokaci.

Tun da kowane sabon do yana hawa da tazarar biyar, wato daga do zuwa so, rabin taki bakwai ke nan, ti ma dole ya hau da wannan tazarar. Wannan ne ya ba da jerin shaf: F, C, G, D, A, E, B. Kii ɗin da suke haifarwa kuwa su ne G, D, A, E, B, F♯, C♯.

20 ga Janairu, 2024

Filat ya zo da sauƙi tun da an gane shaf, domin aikin ɗaya ne aka juya shi baya. A wannan karon rabin ƙasa na C, wato C D E F, shi ne ya zama rabin sama na sabon kii, sai do ya sauka zuwa F. Rabin ƙasan da za a gina masa F G A B ne, amma mi zuwa fa yana son rabin taki, daga A zuwa B kuwa cikakke ne, saboda haka aka sauke B ya zama B♭. Sabon filat koyaushe shi ne fa na sabon kii, kuma shi ne tsohon ti da aka sauke, wanda mawaƙa ke kira ta. Jerin ya zama B, E, A, D, G, C, F, wato jerin shaf ne ake karantawa daga ƙarshe zuwa farko. Wata ɗaliba ta tambayi dalilin da ya sa jerin ya juya haka daidai, kuma amsar da za ta shiga littafin ita ce: idan mutum ya sauko daga D zuwa G zuwa C, shaf ɗin da ya shigo a ƙarshe shi ne yake fara fita. Cire shaf da sa filat aiki ɗaya ne, wato sauke ti da rabin taki, sai dai idan an wuce C babu sauran shaf da za a cire, sai a fara rubuta filat.

Na ƙara ɗan tarihi a gefen shafin, domin B♭ ba bisa tsautsayi ya zama na farko ba. Mawaƙan coci a Turai, tun zamanin Guido na Arezzo a ƙarni na 11, suna da B iri biyu. Suna sauke shi idan ya zo kusa da F, saboda tazarar F zuwa B, cikakken taki uku a jere, tana da wuyar rerawa kuma tana da kaifi a kunne. B ɗin da aka sauke, wanda suke kira mai laushi, ana rubuta shi da harafin b mai zagaye, kuma daga nan alamar filat ta samo siffarta. Abin lura shi ne F da B su ne bakin jerin nan biyu, kuma gyaran farko a kowane ɓangare yana taɓa ɗayansu ne, ko a ɗaga F ko a sauke B.

3 ga Fabrairu, 2024

Fahimtar dalili abu ne guda, saurin karatu kuma wani abu ne dabam, domin makaɗin da aka miƙa wa takarda ana shirin fara waƙa ba shi da lokacin gina sikel daga C. Shafi na biyar ya ƙunshi hanyoyin sauri, kuma na yi ƙoƙari kowacce ta zama ta fito kai tsaye daga darussan baya.

A ɓangaren shaf, a duba shaf na ƙarshe daga dama. Shi ne ti, don haka do yana rabin taki a samansa, a kan harafi na gaba. Idan an ga shaf huɗu, F♯ C♯ G♯ D♯, na ƙarshe D♯ ne, kii ɗin E mejo ne. A ɓangaren filat, na ƙarshe shi ne fa, sai a sauko fa, mi, re, do. Akwai hanyar da ta fi wannan gajarta, wato filat na kusa da ƙarshe shi ne do da kansa. Idan an ga B♭ E♭ A♭, na kusa da ƙarshe E♭ ne, kii ɗin E♭ mejo ne. Wannan ba dabara ce da aka ƙirƙira ba, domin tazarar da ke tsakanin filat biyu na jere ita ce dai tazarar do da fa. Wurin da hanyar ba ta aiki shi ne inda filat ɗaya ne kaɗai, tun da babu na kusa da ƙarshe, kuma a nan sai a koma ga dokar fa: B♭ ne fa, do kuwa F ne. Na fi son a fara koyar da dokar fa kafin gajeriyar hanyar, domin ita ba ta da togiya.

Kurakurai biyu suka fi yawa a gwajin da muka yi. Wasu suna amfani da dokar shaf a kan filat, sai su ga A♭ a ƙarshe su hau rabin taki su ce A mejo. Ana gane wannan nan take, domin kii ba zai zama A ba alhali alamar da ke gabansa ta ce duk A a sauke shi. Wasu kuma suna gane harafin amma suna barin filat ɗinsa, su ce E maimakon E♭. Maganin da na rubuta shi ne, in ban da F, duk kii na mejo da ke ɓangaren filat yana ɗauke da filat a sunansa.

Game da haddace jerin kansa, ban ga amfanin ba su jimlar Turanci da haruffanta na farko ke tuna jerin ba, domin kibod ɗin da ke gabansu ya fi ta. Baƙaƙen maɓallai suna zuwa ne uku-uku da biyu-biyu. Jerin shaf yana farawa da na farko a cikin uku, F♯, ya tsallaka ga na farko a cikin biyu, C♯, ya dawo ga na biyu a cikin uku, G♯, sai na biyu a cikin biyu, D♯, sai na ƙarshe a cikin uku, A♯. Baƙaƙe sun ƙare ke nan, sauran biyun, E♯ da B♯, suna faɗawa a kan farare. Filat yana bin wannan hanyar daga dama zuwa hagu: B♭, E♭, A♭, D♭, G♭, sannan C♭ da F♭ a kan farare. Dalilin wannan kai da komo shi ne tazarar biyar sau biyu rabin taki 14 ne, wato oktaf guda, mai rabin taki 12, da cikakken taki ɗaya, shi ya sa duk tsallake biyu ake matsawa maɓalli ɗaya gaba a cikin rukunin da aka baro.

17 ga Fabrairu, 2024

Makon nan na zana alamomin da hannu domin mai buga littafin, kuma hakan ya sa na ƙara sashe a kan gurbin kowace alama, tun da gurbin ma ba ya canzawa. A tirebul kilef, wato layukan da ake rubuta sautukan sama, idan ana ƙirga layuka daga ƙasa, F♯ yana kan layi na biyar, C♯ a fili na uku, G♯ a saman layi na biyar, D♯ a layi na huɗu, A♯ a fili na biyu, E♯ a fili na huɗu, B♯ a layin tsakiya. Filat kuwa yana farawa daga layin tsakiya da B♭, ya hau fili na huɗu da E♭, ya sauko fili na biyu da A♭, haka yake ta hawa da sauka. A bes kilef, na sautukan ƙasa, siffar ɗaya ce, amma komai ya sauko da layi guda, sai F♯ ya zauna a layi na huɗu, B♭ kuma a layi na biyu.

Amfanin wannan shi ne gogaggen makaɗi ba ya karanta alamomin ɗaya bayan ɗaya. Tun da jerin ba ya canzawa, adadin kaɗai ya isa, kuma idonsa yana gane siffar shaf uku ko filat huɗu a kallo guda. Na yanka katuna, kowanne da alamar kii ɗaya ba suna, ana ɗaga wa ɗalibi na ɗan lokaci a sauke, shi kuma ya faɗi kii ɗin ya kaɗa do mi so ɗinsa. Na kuma jaddada abin da wasu ba su sani ba, cewa alamar da aka rubuta a layi na biyar ta shafi kowane F a waƙar, na sama da na ƙasa, ba wanda ke kan layin kaɗai ba.

2 ga Maris, 2024

Tambayar da ta taso yau ita ce ta E♯. Wani ɗalibi ya ce tun da E♯ shi ne dai maɓallin F, me zai hana a rubuta F a huta. Muka rubuta F♯ mejo a allo: F♯ G♯ A♯ B C♯ D♯ E♯ F♯. Idan aka mayar da E♯ zuwa F, sikel ɗin zai sami F biyu ya rasa E gaba ɗaya, kuma layi ɗaya zai ɗauki ti da do tare, abin da alamar farkon layi ba za ta iya bayyanawa ba. Kowane harafi daga cikin bakwai dole ya fito sau ɗaya, kuma wannan ne ya sa jerin ya tsaya a alama bakwai.

Daga nan muka kai ga da'irar tazarar biyar. Idan aka hau rabin taki bakwai sau 12, an yi 84, wanda shi ne oktaf bakwai cif, don haka an dawo kan C bayan an taka kowane maɓalli cikin goma sha biyu sau ɗaya. Alamomin kii kuwa 15 ne, wato bakwai na shaf, bakwai na filat, da C. Rarar ukun ta fito ne daga wurin da ɓangarorin biyu suka haɗu: B da C♭, F♯ da G♭, C♯ da D♭, kowane biyu maɓallai ɗaya suke amfani da su. A kowane irin wannan haɗi, jimillar shaf da filat 12 ce, misali B yana da shaf biyar, C♭ yana da filat bakwai. Akwai wani lissafi mai kama da shi da ya taimaki ɗaliban sosai a kii masu alamomi da yawa: idan harafi ɗaya ne, jimillar bakwai ce. D yana da shaf biyu, saboda haka D♭ yana da filat biyar. A yana da shaf uku, A♭ yana da filat huɗu. Wanda ya san kii masu sauƙi ya riga ya san masu wuya.

Na yi ta tunanin ko in sa batun cewa da'irar ba ta rufewa daidai idan aka yi amfani da tazarar biyar ta asali, mai ma'aunin 3 bisa 2. Ninka wannan sau 12 yana ba da kusan 129.75, alhali oktaf bakwai 128 ne, kuma bambancin ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na rabin taki. Kibod na zamani yana rage kowace tazarar biyar kaɗan domin da'irar ta rufe. Na yanke shawarar sa shi a sakin layi ɗaya a ƙarshen babin, tare da ambaton cewa Nikolai Diletsky ya zana irin wannan da'ira a shekarun 1670, Johann David Heinichen kuma ya buga tasa a Jamus a 1711. Ba ya shafar saurin karatu, amma ba na son littafin ya bar mai karatu da tunanin cewa F♯ da G♭ sauti ɗaya ne a kowane kayan kiɗa.

16 ga Maris, 2024

Dole littafin ya faɗi iyakar hanyoyin saurin nan, domin alamar kii ba ta bambanta mejo da maino. Kowace alama kii biyu take wakilta, na mejo wanda gidansa do ne, da na maino wanda gidansa la ne, rabin taki uku a ƙasan do. Na kawo musu wata waƙa mai filat huɗu, B♭ E♭ A♭ D♭. Duka suka ce A♭ mejo, kuma bisa doka sun yi daidai. Sai na ce su duba sautin bes na ƙarshe, suka tarar F ne. Na ce su bi cikin waƙar su nemi alamar da ke yawan fitowa a gefen sauti, suka tarar da alamar nacural, mai soke shaf ko filat, a gaban E a wurare da dama, musamman dab da ƙarshen jimla. Idan A♭ ne do, E♭ shi ne so, kuma so da aka ɗaga shi ne se, wanda ke jan kunne zuwa la. Shaidu biyun suka haɗu a kan F maino. Tsarin da na rubuta musu shi ne a fara gano do daga alamar, sannan a duba bes na ƙarshe, sannan a nemi se.

Akwai kuma tsofaffin rubuce-rubuce da ke rage filat ɗaya a kii na maino. Sonata ta farko da Johann Sebastian Bach ya rubuta wa goge na Turai shi kaɗai, a rubutun hannunsa na 1720, G maino ce, amma filat ɗaya ya sa a farkon layi maimakon biyu, yana rubuta E♭ a cikin waƙar duk inda ake buƙata. Ko a nan jerin bai karye ba, domin na ƙarshe ne aka bari, B♭ yana nan a matsayinsa na farko.

30 ga Maris, 2024

Masu busa tirampet biyu sun shigo ajin, kuma zuwansu ya buɗe babin da ban tsara ba tun farko. Tirampet na B♭ yana fitar da sauti cikakken taki ɗaya ƙasa da abin da aka rubuta masa, don haka dole a rubuta masa waƙa cikakken taki sama da kibod. Cikakken taki kuwa mataki biyu ne a da'irar, wato a ƙara shaf biyu ko a cire filat biyu. Muka gwada da waƙar E♭ mai filat uku: an cire na ƙarshe biyu, A♭ da E♭, saura B♭, sai tirampet ya karanta F mejo. Da waƙar F mai filat ɗaya kuwa, an cire B♭, mataki ɗaya ke nan, na biyun ya tsallaka C ya zama F♯, sai aka sami G mejo. Sun yi lissafin da kansu ba tare da na ba su jadawali ba.

Abin da bai zauna ba tukuna shi ne hannu. Waɗanda suka saba da maɓallin TRANSPOSE, wanda ke sa kibod ya canza kii da kansa, suna faɗin sunan kii daidai a katin gwaji, amma idan sun fara kaɗawa a A♭ ko E yatsunsu suna komawa kan farare bayan jimla biyu ko uku, musamman a kan alama ta ƙarshe, D♭ ko D♯. Babi na gaba zai zama na atisaye ne zalla, kii biyu a kowane mako, ɗaya daga ɓangaren shaf ɗaya daga na filat, ana kaɗa sikel da do fa so do kafin a taɓa waƙa, kuma ɗalibi yana faɗin sunan sabuwar alamar da baki duk lokacin da yatsansa ya sauka a kanta. Za mu fara da G da F a mako mai zuwa, kuma na roƙi shugaban mawaƙa ya zaɓo mana waƙoƙi biyu a kowane kii daga cikin waɗanda jama'a suka riga suka sani.